Daga Bencin Majami'a Zuwa Fuskar Waya: Shaidar Mai Jinya a Palladan

Waɗanda suka yi sujada a Palladan da Samaru a shekarun 1970 da 1980 za su tuna cewa ba a rubuta shaida. Bayan karatu da sanarwa, kafin a ɗauki baiko, mai jagoran sujada yakan ɗaga kai ya tambaya ko akwai mai shaida ko godiya, sai ka ga wata uwa ta miƙe daga ɓangaren mata tana gyara ɗankwali, ko wani dattijo ya dafa bencin gabansa ya tashi a hankali don ƙafafun ba su gama dawowa ba, ya tsaya nan inda yake, ba makirufo ba takarda, ya faɗi yadda ciwo ya kama shi da yadda ya sake shi. In kuwa sujadar Laraba ce da yamma, wani lokaci sai ya dakata har ƙaramin jirgin ɗalibai na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ya gama ratsa saman rufin kwano, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. In ya gama, mata su ɗauki waƙa, a yi amin, ya zauna. Yau sai an jira yaron da ke riƙe da waya ya ce a fara.

Matasa su saurara da kyau a nan, domin akwai abin da ba su tarar ba. Shaidar wancan lokaci tana da masu tantance ta, kuma suna zaune ne a kan benci. Matar da ta tashi tana cewa ta kwanta asibiti, rabin waɗanda ke jin ta sun je duba ta: 'yan Zumuntar Mata sun hau motar haya zuwa Sabon Gari, sun sake wata zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda a lokacin yana Tudun Wada kafin ya koma Shika a 2005, ko kuma sun ƙarasa har asibitin mishan na Wusasa, da kunu a cikin fulas da tuwo a langa, sun ga ruwan da aka ɗaura mata, sun ji abin da nas ta ce, wata ma ita ce ta kwana a tabarma ƙarƙashin gado. Ma'ajin ikilisiya ya san nawa aka tara. Maƙwabci ya san daren da aka buga masa ƙofa. Saboda haka idan dattijo ya ɗan zarce ya ce ya yi wata uku a kwance, za ka ji muryar matarsa daga can baya, ba faɗa ba hayaniya: "Baban yara, ai mako uku ne." A yi dariya, ya gyara, ya ci gaba. Babu wanda ya ji kunya, kuma godiyar ba ta ragu da komai ba.

Ba cewa nake mutanen da ba su ƙara gishiri ba. Sun ƙara. Sun kuma ɓoye: ba kasafai mutum ke tashi ya ambaci tarin fuka ko kuturta da sunansu ba, sai dai "ciwon ƙirji" ko "sanyi ya shige ni", kuma akwai shaidun da aka yi su don a soki wata kishiya ko wani abokin aiki da ake zargi da jifa, kowa ya gane da wa ake. Amma duk wannan yana faruwa ne a cikin bango huɗu, a gaban mutanen da suka san ma'aunin mai magana, sun san wanda in ya ce goma to biyar ne. Kafin Litinin maganar ta bi iska.

Bidiyo ba ya bin iska. Wanda aka ɗauka ranar Lahadi a Palladan, kafin dare ya shiga WhatsApp na dangi a Kafanchan da Jos da Legas, wani ya ɗora shi a Facebook, bayan shekara biyu yana nan yana yawo, mai shi kuma bai san inda ya kai ba. Wanda ke kallo bai je asibiti dubiya ba, bai san matar mai magana ba, ba shi da hanyar jin "ai mako uku ne". Kuma a cikin masu kallon akwai wanda ke fama da ciwo iri ɗaya, da ƙwayoyin magani a hannunsa, ya gaji da su, yana neman wanda zai ce masa ya isa haka. Hukuma ta taɓa hango wannan: a 2004 Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta hana gidajen rediyo da talabijin sa shirye-shiryen mu'ujizar da ba za a iya tabbatar da ita ba. An yi ta cacar baki a kai a lokacin. Wancan umarni gidajen watsa labarai ya shafa, ita kuwa wayar da ke hannun ɗan Zumuntar Matasa ba ta da mai duba ta sai shi. Aikin da benci ke yi a da, yanzu takardar da aka rubuta kafin a kunna kyamara ce za ta yi shi, in za a yi shi.

Mu ƙaddara wani tela, ɗan ikilisiya, mai shago a bakin hanyar Samaru. Bayan Kirsimeti ya fara tari, ya ɗora wa ƙurar hunturu laifi, ya sha maganin tari na kwalba. Tarin ya wuce wata, ga zazzaɓi da yamma, ga gumi da dare, ga rama. A ƙarshen Fabrairu aka gwada kakinsa aka sami tarin fuka, wanda a asibiti ake ce wa tibi, aka ɗora shi a kan magani. Yanzu Mayu ne. Tari ya tsaya, abinci yana shiga, ya koma kan keke, kuma a ƙarshen Afrilu an sake gwajin kaki an ce ba a ga komai ba. Yana murna, yana so ya yi shaida, fasto ya ce a ɗauka a bidiyo, minti ɗaya da rabi, a tura wa 'yan'uwa na nesa da suka taimaka.

Kafin a rubuta ko kalma ɗaya, sai mai rubutun ya san yadda wannan magani yake, in ba haka ba zai sa wa bawan Allah ƙarya a baki yana zaton alheri yake masa. Tsofaffi suna tuna lokacin da tarin fuka ke nufin allura kullum na tsawon makonni da ƙwayoyi na shekara guda ko fiye, har mutum ya bar aiki ya koma ƙauye. Daga baya aka rage zuwa wata takwas. Yau, ga tarin da bai bijire wa magani ba, wata shida ne, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin da gwamnati ta amince da su. Zariya ma ba baƙuwa ba ce a wannan fanni, don cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana nan Saye. Wata shidan nan kashi biyu ne. Wata biyun farko ana shan magunguna huɗu haɗe, su ne ke karya ƙarfin cutar, shi ya sa mutum ke jin ya dawo. Wata huɗun da ke biye ana shan biyu daga cikinsu, don a ƙarasa ragowar ƙwayoyin cutar da suka lafe a huhu, waɗanda ba sa hayayyafa da sauri kuma ba sa mutuwa da sauri. Ana duba kaki a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida. Ma'aikacin lafiya ba ya rubuta cewa mutum ya warke sai gwajin watan ƙarshe ya fito ba komai, kuma an sami irin wannan sakamako aƙalla sau ɗaya kafin shi.

To telanmu a wata na uku yake. Sakamakon Afrilu yana nufin ba a ga ƙwayar cutar a kakin da ya bayar ran nan ba. Ba ya nufin babu ita a ƙirjinsa. Shi da kansa zai gane in aka ce masa rigar an yanka an haɗa, tana shiga jiki, amma ba a yi mata kalmasa ba. Wanda ya ajiye magani a wannan gaɓa, tarin na iya dawowa, kuma yana iya dawowa a matsayin wanda ya bijire wa magungunan farko, wanda jinyarsa ta fi wuya ta fi wahalar da jiki. Wannan gaɓa ce kuma mutane suka fi guduwa, daidai lokacin da suka ji daɗin jikinsu. Don haka jimlar da ta fi kowace haɗari a wannan bidiyo ita ce wadda kowa ke jira ya ji: na warke sarai.

Yadda na ga ya fi dacewa, kada a fara da rubutu. A fara da hira. Matashin da zai ɗauki bidiyon ya je gida ya zauna da Baba, wato telan, a tsakar gida, Mama matarsa tana kusa, katin magani yana kan tabarma, ya bar shi ya ba da labarinsa yadda ya ga dama, ya naɗi muryar ko ya riƙa rubutawa. Mama a nan ita ce benci. Ita za ta tuna cewa kafin Ista aka je gwaji na farko, ita ta san ko ya kwana asibiti ko kullum gida yake dawowa. Daga nan sai a ɗauki maganganun ɗaya bayan ɗaya a tambayi kowace: wa zai iya tsayawa a kanta?

Wasu Baba ne kaɗai shaidarsu, kuma ya isa. Ya yi tari, ya ji tsoro, bai yi barci ba, ya ji sanyi a ransa daren da dattawa suka zo addu'a. Jikinsa ne da zuciyarsa, babu mai ƙaryata shi. Wasu takarda ce ke tsaya musu: sunan ciwon, ranar fara magani, sakamakon gwaji, nauyin da aka auna, duk suna cikin kati, sai a faɗe su yadda suke a rubuce ba ƙari. Wasu kuma bangaskiya ce, kuma babu dalilin da zai sa a cire ta, ai dominta aka kunna kyamarar. Abin da ake bukata kawai ta fito da sunanta, ya ce "na gaskata Ubangiji ne ya riƙe ni", kowa ya ji mai bi ne ke furta abin da ya gaskata. Matsalar tana ga rukunin da ya rage, maganganun da suke da kamannin labari amma ba mai tsaya musu.

Ta farko a cikinsu kusan kullum ita ce: likitoci sun ce ba zan rayu ba. A nan ne hirar ke amfani.

"Baba, wane ne ya faɗi haka?"

"Ai can asibiti."

"Da kunnenka ka ji?"

Sai Mama ta shiga: abin da ma'aikaciyar ta ce shi ne sun daɗe ba su zo ba, da an ƙara jinkiri da abin ya yi tsanani. Ita ta faɗa wa ƙanwarta, ƙanwar ta faɗa wa Zumunta cewa an ce saura kaɗan, kafin labarin ya zagayo wurin Baba ya zama an yanke masa tsammani. Babu wanda ya yi niyyar ƙarya a tsakaninsu. Amma in jimlar ta shiga bidiyo, an sa wa ma'aikatan lafiya maganar da ba su faɗa ba, an kuma koya wa mai kallo cewa asibiti ya gaza sai addu'a ta karɓa, alhali mutumin magungunan asibitin yake haɗiya kowace safiya. Abin da ke gaskiya a ƙarƙashinta shi ne tsoron, kuma tsoron nasa ne. Sai a rubuta: na ɗauka tafiya ce ta zo.

Ta biyu ita ce ta lokaci: ana gama addu'a tarin ya ɗauke. Mai yiwuwa haka ya ji. Amma in aka duba kati aka ga dattawan sun zo ne bayan ya yi makonni yana shan magani, to abubuwa biyu suna tafiya tare, kuma babu mai iya raba su ya ce wannan ne kaɗai. Mai rubutu ba alƙali ba ne tsakanin addu'a da ƙwaya. Ya jera su duka yadda suka faru, ya bar Baba ya ce duka daga hannun Ubangiji suka fito, wanda dama abin da ikilisiyoyin nan suka koyar ke nan tun lokacin da mishan ɗin Likita Walter Miller ya koma Wusasa a 1929, inda majami'a da makaranta da asibiti suka tashi a unguwa ɗaya.

Ta uku ita ce ta sanadi: jifa aka yi mini, wani ne a layin shagunanmu. Wannan fita take yi gaba ɗaya, ba gyara. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, an san haka tun da Robert Koch ya bayyana ta a 1882, kuma ta iska ake shaƙar ta daga mai tari. Kuma a unguwa irin Palladan, inda Kirista da Musulmi da ƙabilu iri-iri ke haya a gida ɗaya, "wani a layinmu" mutum ne mai suna da iyali, kowa zai gane shi. Ta huɗu kuwa ba daga bakin Baba take fitowa ba, yawanci mai son ikilisiya ta cika ne ke ƙara ta: duk mai irin wannan ciwo ya zo nan zai warke. Wannan ba shaida ba ce, alkawari ne a kan jikin wani, kuma babu wanda aka ba ikon yin sa.

Bayan an tace, abin da ya rage shi ake rubutawa, da kalmomin Baba, ba da Hausar mai rubutu ba. Mutum mai magana a natse yana faɗin kusan kalma biyu a daƙiƙa, don haka minti ɗaya da rabi bai wuce kalma 180 zuwa 200 ba. Ga yadda zai iya kasancewa:

"Salama, 'yan'uwa. Ni tela ne, ɗan wannan ikilisiya. Bayan Kirsimeti na fara tari, na ɗauka ƙurar hunturu ce. Ya wuce wata guda bai tsaya ba, ga zazzaɓi da yamma, ga gumi da dare, wandona ya yi mini yawa. A watan Fabrairu matata ta matsa na je asibiti. Aka gwada kakina, aka ce tarin fuka ne. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka tafiya ce ta zo. Aka ɗora ni a kan magani na wata shida, kyauta. Zumuntar Mata suka riƙa kawo abinci, matasa suka riƙa kai ni asibiti a babur, dattawa suka zo gida muka yi addu'a. Daren nan ne na fara barci da kwanciyar rai. A ƙarshen Afrilu aka sake gwaji, aka ce ba a ga ƙwayar cutar a kakin ba. Nauyina ya tashi daga kilo 48 zuwa 53, na koma kan keke rabin yini. Ban gama ba tukuna. Ina shan magani kullum har watan Agusta, akwai sauran gwaji biyu a gabana. Na gaskata Ubangiji ne ya riƙe ni, shi ya ba ni waɗannan mutane da wannan magani, ina gode masa. Ku ci gaba da yi mini addu'a. Wanda tarinsa ya kai mako biyu, ya je a gwada shi."

A lura da "aka ce" da ya fito sau biyu. Ba rauni ba ne, wurin da maganar ta fito yake nunawa, kuma wurin yana nan in an nema. A lura kuma cewa "ban gama ba tukuna" ita ce jimlar da za a fi so a yanke, don tana rage armashi, wasu ma za su ce rashin bangaskiya ne mutum ya furta cewa da saura. Ni a ganina ita ce ta fi komai daraja a cikin takardar. Tana kare mai kallo da ke wata na uku kamarsa, tana kuma ɗaure Baba kansa, don mutumin da ya faɗa wa duniya zai sha magani har Agusta da wuya ya ajiye shi a Yuni. Wanda ya riga ya yi shelar ya warke sarai kuwa, kunya ma kaɗai tana iya hana shi a gan shi a layin karɓar magani.

Masu ganin wannan taka-tsantsan baƙon abu ne a majami'a su koma Littafi. A Markus sura 1 da Luka sura 17, waɗanda aka tsarkake daga kuturta an aike su ne su nuna kansu ga firist, wanda bisa ga Littafin Firistoci shi ke duba fata ya tabbatar kafin mutum ya koma cikin jama'a. A Yohanna sura 9 kuma, makahon da idanunsa suka buɗe, da aka matsa masa ya yanke hukunci a kan abin da ya fi ƙarfin saninsa, ya ƙi, ya tsaya a kan abin da ya faru da idonsa. Iyayensa ma suka tabbatar da abin da suka sani kawai, cewa ɗansu ne kuma makaho aka haife shi, sauran suka ce a tambaye shi. Cocin Katolika ya ɗauki abin da tsanani har ya kafa ofishin likitoci a Lourdes ta Faransa tun 1883, inda ake bin kowace da'awar warkarwa shekara da shekaru. Daga dubban da aka kai gabansu, sai a 2018 aka amince da ta saba'in. Ba ana cewa ikilisiyar Palladan ta kafa kwamitin likitoci ba. Katin magani da Mama sun wadatar.

Sai dai takarda mai kyau ba ta ƙare aikin ba, domin a zamanin nan abin da aka cire daga baki yana iya komowa ta hannun mai gyaran bidiyo. A da, in dattijo ya zauna shaidarsa ta ƙare, babu mai zuwa daga baya ya ɗora mata kanu. Yanzu yaro zai kai hoton gida ya rubuta a samansa da manyan baƙaƙe cewa ga wanda ya dawo daga bakin kabari, ya sa hoton Baba na lokacin da ya fi rama kusa da na yau, ya yanke tsakiyar don bidiyon ya yi gajere, kuma tsakiyar nan ce ke da asibiti da magani. Yawancin masu kallo kanun za su karanta su wuce. Saboda haka kanun ma a rubuta shi a cikin takardar tun farko, mai sauƙi, kamar "Godiyar ɗan'uwa da ke samun sauƙi", a sa wata da shekarar da aka ɗauka a jikin hoton, domin wanda zai gan shi baɗi ya san maganar wane lokaci ce. A kuma yarda cewa in za a rage tsawo, daga gaisuwa da jerin godiya za a rage, ba a taɓa jimlar magani. Ɗauka kuwa ba ta bukatar komai: waje mai iska, inuwar bishiya ko baranda, haske yana fuskarsa ba bayansa ba, nesa da janareto. Kada ya haddace. A karanta masa sau biyu, ya faɗa da bakinsa, in ya kauce a kan abin da ya shafi gwaji ko magani a sake wannan gaɓar kaɗai.

Akwai kuma tambayar da ya kamata ta riga duk waɗannan, wadda mutanen da ba su bukaci yi ba tunda maganarsu ba ta fita ƙofa: Baba ya san abin da yake bayarwa? Tela ne, jama'a ke kawo masa ɗinki, yana sunkuyawa kusa da su yana awo. Gaskiya ce cewa mai tarin da ke jin magani, bayan makonnin farko na shan sa yadda ya kamata, haɗarin ya sa wa wani yana raguwa ƙwarai. Amma ba kowane mai kawo yadi ya san haka ba, kuma yana da 'ya da ake neman aure. Dole a zauna da shi, ba a gaban fasto ba inda zai ji nauyin cewa a'a, a faɗa masa dalla-dalla: in ya fita ba ya dawowa, maƙwabta za su gani, surukai za su gani. A ba shi zaɓi. Yana iya ambatar ciwon, yana iya cewa "ciwon ƙirji da ake yi mini magani a asibiti" ya tsaya nan, wanda gaskiya ne ko da bai cika ba. Yana iya yarda a nuna a majami'a kaɗai a kan allo ba a tura wa kowa ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, don haka amincewar ta zama a rubuce ko a naɗe, a faɗi inda za a sa bidiyon, da kuma cewa yana da ikon ya ce a sauke. Katin magani na mai rubutu ne ya duba, ba na kyamara ba: akwai lamba da adireshi da lambar waya a jikinsa. Sunan ma'aikaciyar da ta duba shi ma ba a ambata sai da izininta. In Mama ko yaran gida an gwada su su ma, kamar yadda ake yi wa mazauna gida ɗaya da mai tarin, wannan labarinsu ne, ba ya shiga shaidarsa.

Wani zai ce, to me zai hana a jira Agusta kawai? Sau da yawa hakan ya fi, kuma dattijon ikilisiya mai hankali zai ba da wannan shawara. Amma mutum mai murna ba koyaushe ake iya cewa ya riƙe ta wata uku ba, kuma 'yan'uwan da suka aiko da kuɗi daga nesa suna da hakkin su ji labari. In an yi na Mayu, a yi shi da sharaɗin za a dawo. Idan gwajin wata na biyar da na shida suka fito lafiya, ma'aikacin lafiya ya rubuta sakamakon a kati, sai a ɗauki na biyu, gajere, a nan ne Baba zai ce an sallame shi an ce ya warke, ya faɗi ranar. Idan kuwa gwajin wata na biyar ya nuna ƙwayar tana nan, za a sake bincike a asibiti a ga ko ta bijire wa magani, wataƙila a canja masa wani. A lokacin sai a sauke na farkon daga shafin ikilisiya, a tambaye shi ko yana so a sanar da jama'a ko a bar shi tsakaninsa da masu zuwa dubiya. Wannan yana bukatar a san tun yau wa ke riƙe da ainihin bidiyon da kalmar sirrin shafin, domin yaron da ya ɗauka ɗalibi ne, kuma kafin Agusta yana iya gama jarrabawa ya bar Samaru.